Yadda Ake Neman Rana Wurin Manya

Ƙungiyar manoma ba ta rabuwa da taro. Yau a zauna a kan bashin taki, gobe a kan wurin ajiyar hatsi, jibi a kan burtalin da shanu za su bi kada su shiga gonaki. Yawancin waɗannan al'amura ba su ƙarewa tsakanin 'yan ƙungiya su kaɗai. Tilas sai an nemi mai unguwa, ko dagaci, ko dattawan ikilisiya, ko tsofaffin da suka san iyakar gonaki tun zamanin kakanni. A nan ne magatakardan ƙungiyoyi da dama suke tuntuɓe, gama kalmar da za ta kawo tsaranka wurin taro da gudu, ita ce za ta sa dattijo ya kwana a gidansa, ya aiko cewa jikinsa ba daɗi.

Wannan bayani domin shugabanni da magatakarda ne na ƙungiyoyinmu na ƙasar Ƙaraye da Rogo. Za mu duba wanda ake fara tunkara, da kalmomin da ake zaɓa, da yadda ake faɗin lokaci, sa'an nan mu bi misali guda daga farko har ƙarshe.

Sanin matakala

Kafin mutum ya buɗe baki, ya kamata ya san tsanin da zai hau. A ƙasar Kano mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi kuma yana ƙarƙashin sarki. Gyaran mulkin ƙananan hukumomi na shekarar 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e, amma bai rushe wannan matakala ba. Har yanzu maganar fili da iyakar gona da sulhu tsakanin manomi da makiyayi ta hannun masu sarauta take fara bi.

Sarautar Ƙaraye kuwa ta ga sauye-sauye a 'yan shekarun nan. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai sarkin yanka, tare da Bichi da Rano da Gaya. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar da ta kafa su, a watan Yuli na shekarar kuma aka sake kafa masarautar Ƙaraye a matsayi mai daraja ta biyu, aka sa ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Darasin da ke ciki ga magatakarda shi ne kada ya kwafi kan wasiƙa daga tsohon fayil. Ya tambayi mai unguwa sunan sarautar wanda za a rubuta wa kamar yadda take a ranar, domin kuskuren laƙabi a bayan ambulan yana iya ɓata abin da ke cikinta duka.

Ƙa'ida ita ce ba a tsallake mataki. Ƙungiyar da ke wani ƙauye a yankin Zarewa ko Bari ko Kafin Dabga, idan ta wuce kai tsaye wurin hakimi, abu na farko da za a tambaye ta shi ne ko dagacinta ya sani. In aka ce bai sani ba, za a komo da maganar wurinsa, ga kwanaki sun tafi a banza, ga dagaci ya ji an raina shi. Haka yake a cikin ikilisiya. Ba a miƙa sanarwar taro a karanta ran Lahadi alhali fasto da dattawa ba su ji maganar ba tukuna. Dattijon da ya fara jin ranar taro daga bakin mai sanarwa, tare da yara da baƙi, ya san ba a nemi shawararsa ba, an dai sanar da shi.

Bambancin tsara da babba

Idan magatakarda ya gamu da tsaransa a hanyar gona, zai iya ce masa, "Kai, ka zo mitin ran Talata ƙarfe huɗu, kada ka makara." Babu laifi ko kaɗan. Shi ya sa rana, shi ya sa lokaci, ya kuma ƙara da gargaɗi, abokin ya yi dariya ya wuce.

Wurin babba abubuwa huɗu ne suke sauyawa.

Na fari, suna. Ba a kiran dattijo da sunan yanka tsirara. Ana cewa Baba, ko Baffa, ko Kawu, gwargwadon dangantaka, ga mace kuma Inna, ko Gwaggo, ko Iya, ko Mama. Mai sarauta da sarautarsa ake kiransa, a fara da "Ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamaninka". Malamin Musulunci ana ce masa "Allah gafarta Malam". Wanda ya je Makka, Alhaji ko Hajiya. Ma'aikacin hukuma, kamar babban malamin gona, "Yallaɓai" ya wadatar. A ikilisiya ana cewa Baba Fasto, ko Baba Dattijo, ko Mama. Mace mai muƙami ana ce mata "Ranki ya daɗe", jama'ar dattawa kuwa "Ranku ya daɗe".

Na biyu, "kai" da "ka". Yaro mai tarbiyya yakan kauce musu. Ko dai ya ce "ku" ko da mutum ɗaya yake magana da shi, wato "Baba, kun tashi lafiya?", ko ya saki maganar ba mai ita, wato "An tashi lafiya?" da "In an sami sarari". Wasu kuma sukan yi magana kamar dattijon ba ya wurin: "Ko Baba zai sami dama?" Duk ukun daidai ne. Sai dai a lura, "Ranka ya daɗe" haka take, ba a sauya ta don mutum ɗaya.

Na uku, umarni yana komawa roƙo. "Ka zo" da "muna son ka zo" da "ana bukatarka" duk umarni ne a kunnen babba, ko da an yi murmushi wajen faɗinsu. Maimakonsu ana cewa "mun zo neman alfarma", "muna roƙon arziki", "da za a taimaka mana", "ko zai yiwu". Kalmar "da" da kalmar "ko" suna da amfani ƙwarai a nan, domin suna bar wa dattijo ƙofar da zai ce a'a ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Na huɗu shi ne mafi girma, shi ne kuma aka fi mantawa. Tsara ana ba shi rana, babba kuwa shi ke sa rana. Aikinka shi ne ka kawo dalili, ka faɗi iyakar kwanakin da al'amarin zai iya jira, ka ambaci ranakun da kuka hango, ka bar bakin dattijo ya yanke. Ko da ranar da ya zaɓa ita ce wadda kuke so tun farko, daga bakinsa ta fito, saboda haka ta zama tasa, zai kuwa tsare ta.

Wasu matasa suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Minti goma na gaisuwa a zaure ya fi mako biyu na biko.

Wa za a aika, yaushe kuma

Zuwa da kai ya fi saƙo. Shugaban ƙungiya ne ya kamata ya je, tare da mutum ɗaya mai shekaru daga cikin 'yan ƙungiya. Magatakarda ya bi su da littafinsa, ya yi shiru sai an tambaye shi. Aika yaro da 'yar takarda wurin dagaci daidai yake da ce masa maganar ba ta da nauyi.

Lokacin zuwa neman rana shi ma abin lura ne. Da hantsi, bayan an karya kumallo kafin rana ta yi zafi, ko kuwa bayan la'asar, su ne lokutan da aka fi samun manya a zaure ko a ƙofar gida. Ba a zuwa da tsakar rana, ba a zuwa gab da magariba. Idan aka tarar ana shari'a ko sulhu, sai a gaisa a koma gefe a jira. A cire takalmi a bakin zaure, a yi sallama, a durƙusa. A gama gaisuwa tukuna, wato kwana da gajiya da iyali da sanyi ko zafi ko ruwa, har sai mai gida da kansa ya ce, "Lafiya dai?" ko "Madalla, me ke tafe da ku?" Wanda ya jefa maganar taro a tsakiyar gaisuwa ya nuna bukatarsa ce ta kawo shi, lafiyar mai gida ba ta dame shi ba. In al'adar garin ce a riƙa ɗan goro, a riƙa, amma kaɗan, kada ya yi kama da toshiyar baki.

Faɗin lokaci yadda ba za a ruɗe ba

Ladabi ba ya hana tantancewa. Taro da yawa sun watse, ba don an yi rashin kunya ba, sai don kowa ya tashi daga zaure da tasa ranar a ka.

Dattawa da yawa da rana suke auna lokaci: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Kirista da Musulmi a ƙauyukanmu duk da waɗannan kalmomi suke aiki. Saboda haka a haɗa biyun, a ce "bayan la'asar, wajen ƙarfe huɗu da rabi". Idan aka ce ƙarfe huɗu kawai, an sa taro daidai lokacin da dagaci da mutanensa suke masallaci, 'yan ƙungiya su zauna suna duban agogo suna gunaguni. A tuna kuma magariba tana matsawa. Wajen Nuwamba da Disamba rana tana faɗuwa kusan ƙarfe shida, wajen Yuni da Yuli kuwa sai kusan ƙarfe bakwai. Taron bayan la'asar da kaka bai fi awa ɗaya da rabi ba, don haka kada a cika shi da batutuwa.

Wajen rana, akwai tarko uku. "Talata mai zuwa" tana iya zama ta wannan mako ko ta sama, musamman in ana magana ran Lahadi ko Litinin. Maganinta a ƙirga kwanaki a fili: gobe, jibi, gata, citta, ko "rana ita yau", ko "nan da kwana biyar". Tarko na biyu shi ne dare. A lissafin gargajiya dare yana riga yininsa, saboda haka "daren Juma'a" a bakin dattijo daren Alhamis ne wayewar Juma'a, ɗan makaranta kuwa zai ɗauka Juma'a da dare ake nufi. Gara a ce "ran Alhamis bayan lisha". Na uku shi ne wata. Wanda ya ce "sha biyu ga wata" sai ya bayyana ko watan Bature ne ko watan sama.

Akwai ranakun da ba a ma ambata su. Juma'a daga hantsi zuwa bayan saukowa daga masallaci ba ta yiwuwa ga Musulmi, Lahadi da safe ba ta yiwuwa gare mu. Ranar kasuwar garin da ta babbar kasuwar da ke kusa a cire su. Asabar takan cika da ɗaurin aure. Idan akwai rasuwa a gidan babba, a bari sai an share makoki. Azumi yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, a 2025 ya faɗo a cikin watan Maris, don haka a duba tun da wuri. Da azumi hantsi ya fi, gama bayan la'asar mutane sun galabaita, hankali yana kan buɗa baki. Da damina kuwa, daga shuka zuwa maimai, safiya ta gona ce, wanda ya nemi manomi da safe ya nemi ƙi. Masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa Gorge, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye, su kuma da sanyin safiya da yamma suke ban ruwa, sai a tambaye su lokacin da suka fi samun sarari.

Wanda ya zo da ranakun da ya riga ya tace, ya nuna wa dattijo cewa ya san hidimominsa. Wannan ma girmamawa ce, ta fi yawan "ranka ya daɗe".

Misali daga farko har ƙarshe

A ce ga ƙungiya mai mutum 40 a wani ƙauye na ƙasar Rogo. Kowa ya biya kuɗin buhu uku na takin zamani, jimla buhu 120. Mota za ta kawo su ran Asabar 30 ga Mayu. Ƙungiya ba ta da sito, amma akwai wani tsohon ɗakin ajiya na gari kusa da kasuwa, wanda ba a taɓa shi sai da yardar dagaci da dattawa. Rufinsa yana yoyo, gyaransa zai ci mako biyu. Taki kuwa in ruwa ya taɓa shi sai ya dunƙule ko ya narke, kuɗin mutum 40 ya bi ruwa.

Kwamiti ya zauna ran Litinin 4 ga Mayu. Abu na farko shi ne ƙirga daga baya. Mako biyu kafin 30 ga wata shi ne 16 ga wata, ranar ce tilas magina su fara aiki. Ke nan dole a zauna da dattawa kafin ranar. Sai a tace ranakun mako mai zuwa. Lahadi ta fita, Juma'a ta fita, a ce Laraba ce kasuwar garin, ita ma ta fita. Litinin ta yi kusa da sanarwar Lahadi, mutane ba za su kintsa ba. Saura Talata 12 da Alhamis 14.

Ran Talata 5 ga wata shugaba ya je wurin fasto da babban dattijon ikilisiya, ya gaya musu, ya roƙi dattijon ya raka su. Ran Laraba 6 ga wata da yamma, bayan kasuwa ta fara watsewa, suka je wurin mai unguwa, suka roƙe shi ya yi musu iso wurin dagaci. Ran Alhamis 7 ga wata da hantsi suka isa zauren dagaci tare da mai unguwa.

Ga yadda bai kamata a faɗa ba: "Ranka ya daɗe, mun sa mitin ran Talata ƙarfe huɗu a makaranta, muna son ka zo ka ba mu ɗakin nan na kasuwa." Maganar ta fara da ladabi, amma ta riga ta yanke rana, ta yanke wuri, ta kuma yanke hukunci. Ba abin da ya rage wa dagaci sai ya bi ko ya ƙi, mai sarauta kuwa ba ya son a ga yana bin yara.

Ga yadda ya kamata. Bayan gaisuwa, mai unguwa ya gabatar da su, shugaba ya ce:

"Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne na ƙungiyar manoma suka aiko mu. Allah ya taimake mu mun haɗa kuɗin taki buhu ɗari da ashirin, mota za ta kawo shi ƙarshen watan nan. Damuwarmu wurin ajiya, ga ruwa ya kusa sauka. Shi ne muka ce ba za mu yi gaban kanmu ba sai mun kawo kukanmu wurin iyayenmu. Muna neman alfarma, in an sami sarari, a ba mu rana mu zo gaban dattawa mu yi bayani a kan ɗakin nan na bakin kasuwa."

Idan dagaci ya ce, "To, yaushe kuke gani?", ƙofa ta buɗe. Shugaba ya ce:

"Ranka ya daɗe, sa rana naku ne. Abin da muka hango dai, magina sun ce gyaran zai ci mako biyu, to in ya wuce Alhamis ta sama, rana ita yau ke nan, taki zai iso ɗaki bai bushe ba. Mun duba mun ga Laraba kasuwa, Juma'a masallaci. Ko Talata ko Alhamis, bayan la'asar, duk wadda ta fi sauƙi a wurinku. In kuma akwai wadda ta fi su, mu masu biyayya ne."

A lura da abin da ya faru. Iyakar lokaci ta fito sarai, amma an ɗora ta a kan magina da ruwan sama, ba a kan son ran ƙungiya ba. An ba da rana biyu, gama rana ɗaya umarni ce, rana biyar kuwa ruɗani. Wuri ma ba a ambata ba, domin ƙa'ida ita ce ƙarami ke zuwa wurin babba. In dagaci ya ga zaurensa ba zai ɗauki jama'a ba, shi zai ce a haɗu a makaranta ko a gindin bishiya.

Dagaci ya ce Talata ta yi. Kafin a tashi, shugaba ya maimaita a gaban mai unguwa: "Godiya muke, ranka ya daɗe. Talatar nan da ke tafe ke nan, nan da kwana biyar, sha biyu ga watan Bature, bayan la'asar, a nan zaure, in Allah ya kai mu." Wannan maimaitawa ita ce ƙullin maganar. Magatakarda ya rubuta a littafi bayan sun fita.

Gane amsar manya

Babba ba ya cika cewa a'a ƙiri-ƙiri, saboda haka sai an kasa kunne. Idan ya ambaci ranar da bakinsa ya ce "Allah ya kai mu", an gama. Idan ya ce "Allah ya kai mu" kawai, bai ambaci rana ba, ba a gama ba, sai a maimaita ranar cikin ladabi a ji ko zai amsa. "Za mu duba" da "sai na neme ku" suna nufin akwai wanda yake so ya tuntuɓa, ko akwai abin da bai kwanta masa ba. Kada a matsa masa a wurin. A ce, "To ranka ya daɗe, ko mu dawo jibi mu ji umarni?" Ta haka an sami ranar dawowa ba tare da an ƙure shi ba. Idan kuwa ya tambaya, "Wane ya sani?", to an tsallake wani, sai a je a nemo shi tun magana ba ta yi tsami ba.

Alamar da ta fi kowace nuna an yi kuskure ita ce a zo ranar taro a tarar da wakili maimakon mai gida, wakilin kuma ya ce shi ba a ba shi ikon yanke kome ba. In haka ta faru, kada a yi taron a yanke magana a bayan idonsa. A gaisa da wakilin, a yi masa bayani, washegari shugaba da dattijo su koma su ba da haƙuri su sake neman rana.

Takarda da waya

Takarda tana bin baki ne, ba ta riga shi. Ran Juma'a 8 ga wata magatakarda ya rubuta, shugaba ya sa hannu, babban mutum ya kai:

"Zuwa ga Mai Girma Dagaci. Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da fatan kana lafiya tare da iyali da jama'a baki ɗaya. Bayan haka, muna godiya da karɓar da aka yi mana ran Alhamis. Bisa ga ranar da aka ba mu, 'yan ƙungiyar manoma za su hallara a zaure ran Talata 12 ga Mayu bayan la'asar, wajen ƙarfe huɗu da rabi, domin neman shawarar iyayenmu a kan ɗakin ajiya na bakin kasuwa. In an ga wani sauyi, muna jiran umarni. Allah ya ja zamani. Haza wassalam."

Kalmomin "ranar da aka ba mu" su ne zuciyar wasiƙar. Kada a rubuta "ana gayyatarka" ko "halartarka tana da muhimmanci" ko "a kiyaye lokaci". Waɗannan na takardar 'yan ƙungiya ne. Tasu takardar gajeriya ce: rana, wuri, ƙarfe huɗu daidai, da tarar makara in dokar ƙungiya ta tanada. An sa musu ƙarfe huɗu ne domin su riga manya zama, gama abin kunya ne dattijo ya zauna yana jiran yara. Ran Lahadi 10 ga wata a karanta sanarwa a majami'a, a ce dagaci ya ba ƙungiya rana. Ran Litinin 11 ga wata shugaba ya biya ta zaure ya yi gaisuwa, ya ce, "Mun zo gaisuwa ne, ranka ya daɗe, gobe muna nan tafe in Allah ya yarda." Kalmar tuni ba ta fito ba, amma an tuna masa.

Wayar hannu ta sauƙaƙa abubuwa, amma tana da nata ladabin. Ba a yi wa babba filashin a jira ya kira. Ba a fara neman rana da saƙon tes. In nisa ya tilasta a kira, a yi sallama, a faɗi suna da gidan da aka fito, a gama gaisuwa, a nemi gafara cewa ba a zo da ƙafa ba, a tambaya ko yanzu lokacin magana ne. Mafi kyau a yi amfani da waya wajen tambayar yaushe za a same shi a gida, maganar kanta a kai ta zaure. A bar shi ya riga kashe waya.

Wajen iyaye mata

Ƙungiyoyi da yawa ƙarfinsu mata ne, musamman wajen adashi da kiwo da sarrafa gyaɗa da waken soya. Idan ana neman rana wurin shugabar zumuntar mata ko wata dattijuwa, ƙa'idar ɗaya ce: Mama ko Inna, "ku" maimakon "ke", ita ce kuma za ta sa rana. Sai dai lokacin da ya dace da maza, wato bayan la'asar, shi ne lokacin ɗora tukunyar tuwon dare. A tambaye ta, sau da yawa za ta zaɓi hantsi ko bayan azahar. In gidan na kulle ne, mata ne za su shiga, a kuma sanar da mai gida tukuna.

Ga magatakardan da zai fita neman rana a makon nan, ya duba littafinsa kafin ya sa takalmi. Ya rubuta ranar ƙarshe da al'amarin zai iya jira da dalilinta, da rana biyu da aka tace, da sunan sarautar wanda za a gani, da wanda zai yi iso. In huɗun nan sun cika, sai ya kira shugaba su kama hanya.